Kofin Ruwa Ba Zai Gaya Miki Halin Gashinki Ba

Akwai wani gwaji da ya zaga wayoyin mata a 'yan shekarun nan. A tsinko silin gashi guda, a jefa a kofin gilashi mai ruwa, a jira minti biyu zuwa huɗu. In ya tsaya a sama, wai gashin ba ya shan ruwa. In ya nutse ƙasa, wai ya cika shan ruwa. In kuwa ya tsaya a tsakiya, to mai shi ta dace. Daga nan sai a ce ki tafi kanti ki sayi mai kaza da shamfu kaza, kowane hali da nasa kwalaben.

Tambayar da gwajin ke son amsawa tambaya ce mai kyau. Masu sana'ar gyaran gashi suna kiran abin forositi, wato saurin da ruwa ke shiga silin gashi da saurin da yake fita. Wadda ta san wannan game da kanta za ta daina asarar kuɗi a kan man da bai karɓe ta ba. Amma kofin ruwa ba ya ba da amsar, kuma dalilin da ya sa ba ya bayarwa shi ne zai nuna mana hanyar da ta fi.

Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, wasu ƙananan ɓarɓashi masu faɗi da ido ba ya gani, an jera su hawa-hawa, na sama ya danne na ƙasa, bakinsu na kallon ƙarshen gashin. Kamar jinkar ɗaki ce: in sabuwa ce ciyawar na kwance lif, ruwan sama ya zubo ya gangare, in kuwa ta tsufa iska ta ɗaɗɗaga ta, sai ruwa ya sami hanya. A saman wannan ɓawo akwai wani siririn maiƙo da gashi ke fitowa da shi tun daga cikin fata, manne da ɓawon, shi ke sa sabon gashi ya ƙi jiƙa nan take. A can ciki kuma akwai tsokar gashin, wadda yawancinta furotin ne mai suna keratin, ita ke ɗauke da ƙarfi da launi. Gashin da ɓawonsa ke kwance, maiƙonsa na nan, shi ne mai jinkirin shan ruwa. Wanda ɓawonsa ya ɗago ko ya gutsuttsure, maiƙon ya tafi, shi ne mai saurin sha, kuma ta ƙofar da ruwan ya shiga ta nan yake ficewa.

To ga matsalar kofi. Gashin ɗan Adam ya fi ruwa nauyi, kusan da kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka duk silin da ya jiƙe sosai zai nutse, mai lafiya ne ko lalatacce. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne ƙarfin da saman ruwa ke da shi na ɗaukar abu mara nauyi muddin abin bai jiƙe ba. Silin da aka shafa wa man kaɗanya jiya zai yi ta yawo a sama ko da rilaksa ta gama cinye shi. Wanda aka ajiye a hankali zai daɗe fiye da wanda aka dangwara da yatsa. Gashi mai murɗiya irin namu kuma yakan riƙe 'yan kumfar iska a lanƙwasarsa su ɗaga shi. Mai son ganin wannan da idonta ta bar silin yana yawo a saman kofin, sannan ta ɗiga ruwan sabulu ɗigo ɗaya ta motsa kaɗan. Zai gangara ƙasa, alhali gashin bai canza ba, ruwan ne ya canza.

Ban da haka, sili ɗaya ba ya wakiltar kai. Wannan ita ce maganar da na fi so mai karatu ta riƙe: kai guda yakan ɗauki hali biyu ko uku lokaci ɗaya. Gashi na tsiro kamar santimita ɗaya a wata, na wasu ma bai kai haka ba. Idan tsawon gashinki ya kai santimita 25, ƙarshensa ya haura shekara biyu a duniya. Ya sha rana, ya sha mataji, ya sha tsifa da kitso ba adadi, ya goga da ɗankwali da matashin kai, wataƙila ya sha rini ko zafin diraya. Na gindin kuwa jiya-jiya ya fito. Gashi ba abu ne mai rai ba da zarar ya bar fata, ɓawon da ya ɓare ba ya sake tohowa, don haka kusan kowace mace ƙarshen gashinta ya fi gindinsa shan ruwa. Na ƙeya da na goshi ma sukan bambanta da na tsakiyar kai.

Gwajin da ya fi, ranar wankin kai

Gwajin gaskiya ba ya buƙatar komai sai ruwa, madubi, agogo da ɗan haƙuri, kuma ranar tsifa ake yin sa.

Da farko sai an wanke kan tas. Wannan mataki ne da ake tsallakewa, kuma shi ke ɓata sakamako. Matan da ke shafa basilin ko man kitso mai kauri duk bayan kwana biyu, sannan ƙurar hanya ta bi ta manne, gashinsu na sanye da rigar maiƙo da ba tasa ba. In aka fesa masa ruwa zai ƙi sha, a ce ai mai jinkirin sha ne, alhali datti ne ya toshe hanya. Ki wanke da shamfu mai kumfa sau biyu, ki ɗauraye sosai, kada ki sa kwandishana ko wani mai, ki bar shi ya bushe da kansa. Zai yi ɗan kaushi, na yini ɗaya ne.

Bayan ya bushe, ki ware ɗan tsagi mai kaurin fensir daga tsakiyar kai, ki miƙe shi tsakanin yatsu a gaban madubi, inda haske yake. Ki fesa masa ruwa sau ɗaya daga nesa kamar taƙi guda, da irin kwalbar feshin nan ta masu kitso. Sai ki zuba ido. A kan gashi mai jinkirin sha, ruwan zai tsaya ɗigo-ɗigo, ƙanana masu sheƙi, suna zaune a kan silin, in kika girgiza su zube, gashin kuma launinsa bai sauya ba. A kan mai saurin sha, kafin ki ƙirga goma ɗigon ya baje ya ɓace, gashin ya yi duhu, ya yi laushi ya kwanta. Ki yi wannan a wuri biyu na tsagin nan ɗaya, kusa da fata da kuma can ƙarshe, domin bambancin da ke tsakaninsu ya fi kowane ɗayansu ba da labari. Sannan ki maimaita a ƙeya da gefen kunne.

Mataki na biyu shi ne bushewa. Ki jiƙa tsagin sharkaf, ki matse da tsumma mai laushi, ki duba agogo, ki sake shi. Duk bayan minti goma ki taɓa gindi ki taɓa ƙarshe. Babu wani adadin mintoci da za a ce shi ne iyaka, domin bushewar gashi a Sakkwato cikin watan Maris daban take da ta Fatakwal cikin damina. Abin lura shi ne wane ɓangare ya riga bushewa, da yadda yake ji a hannu bayan ya bushe. Ƙarshen da ya bushe da wuri ya yi ƙaiƙayi a yatsa, ya harɗe da 'yan uwansa, ɓawonsa ya lalace. Dalilin yin wannan da ɗan tsagi maimakon kai duka shi ne, mai cikar gashi kanta kan yini bai bushe ba ko da silinta masu saurin sha ne, saboda iska ba ta ratsa cunkoson. Mata da yawa sun yi wa kansu hukuncin cewa gashinsu ba ya shan ruwa alhali yawa ne kawai Allah ya ba su.

Akwai gwaji na uku da ake yawan ambata, na zame yatsa biyu a kan sili daga ƙarshe zuwa gindi a ji ko akwai gargada. Ba na ba shi nauyi a gashinmu. Silin gashin Bahaushiya ba mulmulalle ba ne, yana da ɗan faɗi kuma yana murɗewa, yatsa zai ji wannan murɗiyar ya ɗauka lalacewa ce. Wanda ya fi shi amfani shi ne ja. Ki ɗauki sili mai tsawo daga waɗanda suka zube a mataji, ki jiƙa, ki riƙe shi da hannu biyu ki ja a hankali. Lafiyayye yana miƙewa har kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya koma yadda yake in an sake shi. Wanda ya tsinke tun ba a ja shi sosai ba, ko ya miƙe ya ƙi komawa ya yi lagwab, ɓarnar ta wuce ɓawo ta shiga tsoka. Ki gwada sili biyar ko shida, kada ki yanke hukunci da ɗaya.

Wani kai, daga gindi zuwa ƙarshe

A ce ga wata mata a Kano, a tsakiyar hunturu. Ta daina rilaksa wata takwas da suka wuce. Gashinta ya kai kafaɗa in an ja shi. Kukanta biyu ne da take ganin sun saba wa juna: in ta shafa man kaɗanya sai ya zauna fari-fari a gindin gashin, kai ya yi danƙo ya soma ƙaiƙayi, amma kuma ƙarshen kullum a bushe yake, duk taje kai sai gutsattsari sun zuba a kan zaninta. Ta yi gwajin kofi sau biyu, sau ɗaya silin ya nutse, sau ɗaya ya ƙi.

In ta yi gwajin feshi, ga abin da za ta gani. Santimita bakwai ko takwas na farko daga fata, wato sabon tohon da bai taɓa ganin rilaksa ba, ruwa zai tsaya a kansa ɗigo-ɗigo. Daga nan zuwa ƙarshe ruwan zai ɓace nan da nan. In ta jiƙa tsagin, ƙarshen zai bushe ya yi ƙarau tun gindin na da danshi. In ta ja sili, mafi yawan lokuta zai tsinke daidai mahaɗar nan, inda murɗaɗɗen gashi ya haɗu da miƙaƙƙe.

Babu abin mamaki a ciki. Ma'aunin da ake auna tsami da kaifin kanwa da shi yana tafiya daga 0 zuwa 14, ruwa zalla na kan 7. Fatar kai na wajen 5 da rabi, gashi kuma ya fi son ɓangaren tsami-tsami, a nan ɓawonsa ke kwanciya. Rilaksa tana wajen 12 zuwa 13, har ta wuce. Aikinta ke nan: ta kumbura silin, ta ɗaga ɓawon, ta shiga tsoka ta karya ɗaurin da ke riƙe murɗiyar. A hanya tana kwashe wannan maiƙon halitta na saman ɓawo, kuma ba ya dawowa. Bilicin da ake sa wa kafin rini mai haske shi ma haka yake yi. Don haka duk gashin da ya sha rilaksa ko bilic, ba sai an gwada ba, mai saurin shan ruwa ne. Gwajin nata amfaninsa shi ne ya nuna mata inda iyakar take.

Wannan matar ba ta buƙatar kaya kala biyu daga kanti. Tana buƙatar ta daina yi wa kanta hidima iri ɗaya daga sama har ƙasa. Amma kafin mu koma kanta, bari mu ga abin da kowane hali ke nema.

Mai jinkirin sha

Gashin da ke ƙin ruwa lafiyayyen gashi ne, ba cuta gare shi ba. Ina faɗin haka ne saboda shawarar da ake yaɗawa cewa a “buɗe” shi da kanwa ko bakar hoda mai tashin fulawa. Wannan ɗaga ɓawo ne da gangan, wato a lalata abin da wasu ke kashe kuɗi suna neman kwatankwacinsa. Kanwa ta miyar kuka ce.

Matsalarsa ita ce abin da aka shafa yakan tsaya a waje. Man kaɗanya, basilin, man zurma da man shanu duk masu nauyi ne, in aka yawaita sai su taru, su kama ƙura, su hana ruwan wanki na gaba isa ga silin. Alamar ita ce gashi ya yi maiƙo a hannu amma ya yi tauri, ba sheƙi, wani lokaci da farin gari-gari da ake ɗauka amosani ne. Maganin shi ne a rage. A zaɓi abin shafawa mai ruwa-ruwa, wanda in an duba jerin kayan haɗinsa a bayan kwalba ruwa ne na farko. In za a sa mai, ɗigo kaɗan na mara nauyi kamar man riɗi, a murza a tafin hannu tukuna, kuma a kan gashi mai danshi. A jiƙa kai da ruwan ɗumi, a ba shi lokaci, ana matsa shi da hannu tsagi-tsagi har ya jiƙe da gaske kafin a sa shamfu. In an sa kwandishana a rufe da hular leda minti 15 zuwa 20, ɗumin kai ya taimaka masa ya bazu. Kayan da aka rubuta wa furotin ko keratin da manyan baƙaƙe ba su da aikin yi sosai a nan, babu ramin da za su cike, sai su zauna a sama su sa gashin ya yi ƙarau. Sau ɗaya a wata kuma a yi wanki mai ƙarfi da zai kwashe tarin mai.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: irin wannan gashi in ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba, balle a cikin kitso, ga ɗankwali ga hijabi. Rufe kai da danshi shi ke kawo warin nan da ƙaiƙayi. A bar shi ya sha iska a cikin gida tukuna.

Mai saurin sha

A nan aikin ya fi yawa, kuma yana da kyau a san iyakarsa tun farko. Babu man da ke mayar da ɓawon da ya ɓare. Duk abin da ake sayarwa da sunan gyara lalataccen gashi faci ne, yana riƙewa zuwa wanki ɗaya ko biyu. Amma facin yana da amfani, shi ke sa gashin ya kai lokacin da sabo zai maye gurbinsa ba tare da ya kakkarye ba.

Abu na farko shi ne a rage masa shan ruwa, ba a ƙara ba. Gashi na iya ɗaukar ruwa kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa, kuma in ya sha yana kumbura, ɓawon ya ƙara ɗagowa, a lokacin ne mataji ke ɓare shi. Lalataccen gashi yana kumbura da sauri fiye da lafiyayye. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a Indiya, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da man furen rana da man da ake tacewa daga fetur, suka ga man kwakwa ne kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi yayin wanki da tajewa. Dalili shi ne ƙwayoyin kitsensa ƙanana ne miƙaƙƙu, suna iya ratsawa cikin silin su rage yawan ruwan da zai shiga. Man alayyadi yana ɗauke da irin wannan kitse da yawa. Yadda ake yi shi ne a shafa cokalin shayi ɗaya ko biyu a ɓangaren da ya lalace, a bar shi awa ɗaya ko ya kwana, sannan a wanke. A hunturu man kwakwa na daskarewa, wasu kan ji gashinsu ya yi tauri da shi, shi ya sa ya fi dacewa kafin wanki maimakon bayansa.

Na biyu shi ne abin wankin. Sabulun salo sabulu ne na gaske, daga toka ake yin sa, kuma yana wajen 9 zuwa 10 a ma'aunin nan. Yana fitar da datti sosai, amma ga gashin da ɓawonsa ya riga ya ɗago ƙari ne a kan ciwo. In ruwan rijiya ko na burtsatsen unguwarku irin mai hana sabulu kumfa ne, sai kuma ya bar wani dusa-dusa a kan gashin. Shamfu mai sauƙi ya fi. Wadda ba ta son rabuwa da salo ta narkar da kaɗan a ruwa, ta wanke fatar kai da shi ba tsawon gashin ba, ta bi da ɗaurayar ruwan khal cokali ɗaya a kofin ruwa, ta ɗauraye. A kiyaye ido, kuma kada a zuba tsagwaron lemon tsami. Karkashi kuwa, wanda iyayenmu suka daɗe suna wanke kai da shi, yauƙinsa na sa silin su zame wa juna, tsifa da warware harɗe su yi sauƙi. A jiƙa shi a ruwan ɗumi a tace, amma kada a sa masa kanwa kamar za a yi miya.

Na uku kwandishana, kowane wanki ba fashi. Lalataccen gashi ya fi lafiyayye jan sinadaran da ke cikinsa, suna mannewa daidai wuraren da suka ɓare, shi ya sa mai rilaksa ke jin bambanci nan take, mai sabon toho kuma ta ce ba ta ga abin da ya yi ba. A taje gashi yana ɗauke da kwandishana, da yatsu ko mataji mai manyan haƙora, daga ƙarshe a hau zuwa gindi. Kayan da ke da furotin da aka farfasa ƙanana suna cike gurabun na ɗan lokaci, sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida ya isa, in gashi ya soma tauri yana karyewa kamar busasshe an yi yawa. Silikon ma, da ake ta zagi a waya, yana yi wa irin wannan gashi rana, yana lulluɓe shi ya rage gogayya. Aibinsa kawai yana taruwa in ba a wanke da shamfu.

Sannan a rufe. Mai ba ya ba gashi ruwa, yana rage saurin fitarsa ne kuma yana sa sili su daina cin juna. Shafa man kaɗanya a busasshen gashi shi ya sa ake cewa an shafa an shafa ba a ga komai ba. A fara da ruwa ko abin shafawa mai ruwa, a bi da mai kauri a kai. A nan ne man kaɗanya ke da gurbinsa. Haka matan Chadi masu amfani da garin cebe suke yi, suna jiƙa gashi, su shafe tsawonsa da garin haɗe da mai, su kitse. Tsawon da ake gani na rashin karyewa ne, garin ba ya sa toho ya yi sauri.

Gilisarin na buƙatar lura. Yana jan danshi daga iska, don haka a damina yana sa gashi laushi, wani lokaci har ya kumbura ya tashi buzu-buzu. A hunturu, lokacin da danshin iska a Kano ko Damagaram kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, babu abin da zai ja, kuma abin feshi da aka cika shi da gilisarin ba zai yi abin da ya yi a watan Agusta ba. Kayan damina ba lalle su yi hunturu ba ko da gashin bai canza ba.

Lalle na gargajiya yana manne wa keratin, yakan sa sili ya ɗan yi kauri da ƙarfi, amma yana barin gashi da kaushi in ba a bi shi da kwandishana ba. Baƙin rini da ake kira baƙin lalle wani abu ne daban, akwai sinadari a cikinsa da ke kumbura wa wasu fata, har da maza masu rina gemu.

Komawa kan matar nan

Ga yadda ranar wankinta za ta kasance. Daren jajibiri ta shafa man kwakwa daga mahaɗar zuwa ƙarshe, ta bar gindin. Da safe ta raba kan gida huɗu ko shida ta kalabe kowanne sako-sako, domin miƙaƙƙen ƙarshe da murɗaɗɗen gindi suna harɗewa in aka sake su cikin ruwa. Ta jiƙa gindin da ruwan ɗumi sosai, ta sa shamfu a fatar kai, kumfar da ta gangaro ta ishi ƙarshen. Kwandishana ta fi yawaita shi a ƙarshe da mahaɗar, ta sa hula minti 20, ta warware da yatsu. Bayan ta matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi, abin shafawa mai ruwa ya bi kan duka, man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa ga kowane gida ya tsaya a ƙarshe kawai. Kitson ya zama mara tsauri, shuku ko kalaba manya, a cusa ƙarshen ciki. Da dare ta ɗaura ɗankwali mai santsi, domin atamfa na shan mai tana kuma goge ɓawo. Duk bayan wata biyu ta datse santimita ɗaya ko biyu daga ƙarshe da almakashi mai kaifi, har tsohon gashin ya ƙare.

Da a ce ta zaɓi komawa rilaksa, sharaɗin shi ne a shafa wa sabon toho kaɗai, a lulluɓe tsohon da basilin, a bar aƙalla mako takwas tsakanin ɗaya da ɗaya, a kuma wanke da shamfun da ke kashe kaifinta. Ja da rilaksa har ƙarshe a kowane zuwa salun shi ne ke mayar da gashi abin da ke tsinkewa a hannu.

Za ta gane ko tsarin ya karɓe ta bayan wanki uku ko huɗu, ta hanyar duba abin da ke mataji. Ta shimfiɗa su a kan farar takarda. Gajerun gutsattsari marasa kai karyewa ce, su ne ya kamata su ragu. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindinsa kuwa zubewa ce daga fata, kuma kowa na zubar da 50 zuwa 100 a rana, shi ya sa ranar tsifar kitson mako uku ake ganin dunƙule mai ban tsoro. In masu farin kan ne suka yi yawa, maganar ta bar shan ruwan gashi. Zubar da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa ko bayan zazzaɓi mai tsanani yawanci tana tsayawa da kanta. Goshin da ke ja da baya aikin matsattsen kitso ne, kuma in an daɗe ana yi gashin wurin ba ya dawowa. Zubar da ta ƙi tsayawa tare da kasala tana sa a auna jini, filin da ya yi ƙwal ko ya yi ɓarɓashi kamar makero kuma na likitan fata ne.